Yadda aka mayar da hotona katun ya zama tambarin shagon yajina

Saƙon farko da na tura wa mai zanen nan layi biyu ne kacal, har yanzu yana cikin wayata, in na tuna sai in buɗe in yi ta dariya ni kaɗai. Cewa nayi "Salam Malam, don Allah logo nake so na katun da hotona, mai kyau sosai fa, nawa ne?" sai na haɗa masa da hoton da na ɗauka ranar bikin ƙanwata, na sha kwalliya an kafa min ashoke kamar zai taɓo silin, ga filta ta ƙara min haske har ni kaina da kyar nake gane kaina. A lissafina na gama bayani kenan, saura ya zana kawai.

Ni yaji nake sayarwa a nan Kano, yajin daddawa, yajin tafarnuwa, na ƙuli da kuma kayan ƙamshin girki da nake haɗawa da kaina. Da a gida nake yi, daga baya Allah ya hore na kama ɗan shago a bakin layinmu. Robobina duk babu komai a jikinsu sai farar takarda da nake rubuta suna da lambar waya da biro in manna da salatif, mai ya taɓa ta rubutun ya narke. Abin da ya tunzura ni shine wata kwastoma da ta kira ni tana faɗa wai yajina ya canja, ashe ba nawa bane, ɗan aikenta ne ya sayo a wani wuri, roba iri ɗaya murfi iri ɗaya. Ranar nace to lallai sai an yi alamar da ko yaro aka aika zai gane.

Maganar sa fuskata kuwa sai da aka sha zama a gida. Ni da hotona na gaske naso in sa, tunda mutane ni suka sani, "Anti mai yaji" suke ce min. Maigidan yace sam, ba za a dinga yawo da hoton matarsa a kicin ɗin mutane ba, in roba ta ƙare a jefar a bola a taka. Da na huce na ga yana da gaskiya. Hajiyarmu kuma nata daban, ita zanen mai rai ne gaba ɗaya bai kwanta mata ba, kuma nasan cikin kwastomomina akwai masu irin wannan ra'ayin. Sai muka tsaya a kan katun wanda zai yi kama da ni amma ba ni ba, sannan a yi wani na biyu mara fuska, suna kawai da turmi, don wanda baya so. Wannan shawarar ta biyun ban ma sa ta a saƙon farko ba, shi ma sai daga baya na tuna.

Mai zanen abokin ƙanina ne, tare suka yi makaranta, yaro ne mai natsuwa. Bai faɗa min kuɗi ba, sai ya turo murya wajen minti huɗu. Yace "Hajiya, in na zana miki da wannan hoton wallahi wata mata zan zana ba ke ba, kuma ke da kanki za ki ce bai yi kama ba." Yace fuskar a karkace take, rabi kawai ake gani, gashin ido na kanti ya rufe siffar idon, filta ta goge duk wani layi na fuska ta canja kalar fata, ga shi kuma WhatsApp ya matse hoton, in ya zuƙo shi a kwamfuta dishi-dishi yake gani. Sai ya jero min tambayoyi, a ina za a sa tambarin, girmansa nawa, kala nawa, me katun ɗin za ta riƙe, me za a rubuta. Gaskiya a lokacin haushi naji, nace a raina wannan yaron da iyayi yake, zane kawai nace ba jarrabawa ba. Kwana biyu ban amsa masa ba.

Ƙanina ne ya zaunar da ni yace Yaya ke fa in mutum yace ki haɗa masa yaji mai daɗi kawai, ba kya tambayarsa mai zafi ko mara zafi, da daddawa ko babu? Nayi shiru.

Washegari da safe wajen ƙarfe tara na fito tsakar gida inda akwai inuwa amma da haske, don yace kar in tsaya cikin rana ido zai ƙanƙance kuma inuwa za ta raba fuska biyu, kar kuma in ɗauka da daddare da fitilar waya. Ɗiyata ta ɗauke ni da kyamarar baya, ba ta gaba ba, don ta gaba tana kumbura hanci in an matso da ita kusa. Hoto huɗu muka yi, ɗaya ina kallon gaba ban yi murmushi ba, ɗaya ina dariya haƙora a waje, ɗaya na ɗan juya gefe kaɗan, na ƙarshe daga kai zuwa gwiwa da irin shigar da nake yi a shago, atamfa da ɗankwali ɗaurin ture ka ga tsiya da tabarau ɗina. Ba hoda ba jambaki. Wajen turawa ya koya min in danna alamar maƙala abu in zaɓi Document maimakon Gallery, ta nan hoton yake tafiya da nauyinsa ba a matse shi ba. Ya ɗan ci data amma ba wani abu bane.

Sannan na zauna na rubuta saƙon da ya kamata in rubuta tun farko. Sau uku ina gogewa. Ga shi nan yadda na tura, na cire sunan shago da lamba kawai:

"Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya gida. Ka yi haƙuri da shiruna. Ga hotuna huɗu nan na turo ta Document. Abin da nake so katun ce ta mace mai kama da ni daga kai zuwa ƙugu, tana dariya, ta riƙe taɓarya a hannun dama, ɗan turmi a gabanta. Abu uku nake so kar su ɓace ko me za a rage: wushiryata, tabarau mai zagaye, da ɗaurin ɗankwalin nan. Kalar fatata ka bar ta yadda take a hoton tsakar gida, don Allah kar a ƙara min haske. Kayan su rufe jiki, dogon hannu, kar a fito da gashi ko wuya. Kada ta zama kamar ƴar tsana ko yarinya, uwa nake so wadda za ka yarda da girkinta. Kala ja mai duhu irin na barkono busasshe da ruwan ɗorawa, bana son shuɗi ko hoda. Inda zan fi amfani da shi sitika ce zagayayya a kan murfin roba, faɗinta santimita 5, sai hoton fuskar WhatsApp da Instagram, sai leda, daga baya kuma allon shago. A sama sunan shago, a ƙasa a rubuta Daɗi har kunne, da ɗ mai lanƙwasa. Ina kuma son na biyu mara fuska, turmi da suna kawai. Ina so ya samu kafin azumi da sati uku saboda bugu. Hotunana kuma amana ne, kar a sa su a shafinka. Faɗa min kuɗin da yadda ake biya. Na gode."

Ko minti goma ba a yi ba ya amsa, yace "Yauwa Hajiya, yanzu kika ba ni aiki." Yace dubu arba'in, rabi kafin ya fara rabi in an gama, gyara zagaye biyu a cikin kuɗin, in ya wuce haka kowane zagaye dubu uku. Na nemi ragi kamar yadda aka saba, ya bar min a dubu talatin da biyar, na tura masa sha bakwai da ɗari biyar yaga alat. Maganar zagaye biyun nan ban ɗauke ta da muhimmanci ba a lokacin, ashe nan ne zan yi ɓarna.

Abu ukun da na lissafa ba daga kaina na ƙirƙiro ba, shi ya sa ni. A cikin muryar da ya turo yace katun ba hoto bane, ba ya kwashe komai na fuska, abu biyu ko uku yake ɗauka ya ƙara musu girma ya watsar da sauran, kuma in ba a faɗa masa waɗanne ba shi zai zaɓa, wataƙila ya zaɓi wanda mutum baya so. Yace in tambayi mutum uku a gida da me suke gane ni daga nesa. Ɗiyata tace tabarau, maƙociyata tace ɗaurin ɗankwali, maigidan yace wushirya yana dariya. Ƙanina yace goshi, nace Allah ya shirye ka, ba a sa wannan ba.

Bayan kwana uku ya turo zanen farko, baƙi da fari ne kamar na fensir, guda biyu. A na ɗaya kan ya kusa rabin tsawon jikin gaba ɗaya, ido manya, a na biyu kan bai kai haka ba ya fi kama da mutum sosai. Ni ina gani na zaɓi na biyu, nace na ɗayan ai kamar mai ciwon kai. Yace to Hajiya ki yi abu ɗaya, ki ajiye wayar a kan tebur ki ja baya taku uku ki kalla. Na yi. Na biyun fuskar ta ɓace sai jiki da turmi, na ɗayan kuwa har wushiryar ina hangowa. Yace a sitikar santimita 5, in aka cire wurin rubutu na sama da na ƙasa, abin da zai rage wa katun bai fi santimita uku ba, in aka yi kai daidai da na mutum fuskar ba za ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Shi yasa masu irin wannan zanen suke ƙara girman kai da gangan. Muka tsaya a tsakiya, ya rage kan kaɗan amma ya fi na mutum, ya kuma yanke jikin daga ƙirji maimakon ƙugu.

Dalilin da yasa yake turo baƙi da fari tukuna, a nan gyara yake da sauƙi, in ka ce a juya hannu ko a sauke tabarau minti kaɗan ne. In an riga an zuba kala an yi inuwa, canja tsayuwa kusan sabon aiki ne. Ni ban san haka ba, na amince da zanen da sauri don ina ɗokin ganin kala, sai da kala ta zo na lura taɓaryar a hannun hagu take. A hoton da na tura ne na riƙe muciya da hagu don ɗiyata tace in gyara tsayuwa, shi kuma ya bi hoto ya manta da rubutu. Kinsan mutanenmu, mai abinci da hannun hagu, ai sai a yi ta magana. Wannan ya yarda laifinsa ne tunda na rubuta dama a saƙo, bai lissafa shi cikin gyara ba, ya juya zanen gaba ɗaya kamar a madubi sannan ya mayar da ɗaurin ɗankwalin ɓangaren da nake yi. Da ban rubuta ba da ba ni da bakin magana.

Nawa laifin kuma ga shi. Da mai kalar ta zo sai na tura wa guruf ɗin gidanmu, nan fa kowa ya zama gwani. Wannan tace a ƙara ja a leɓe, wancan yace tabarau yayi girma, Anti ta Kaduna tace a sa sarƙa da ɗan kunne ai ba a yin mace haka fayau. Ni kuma duk wanda ya faɗi nasa sai in tura wa yaron nan take, ɗaya da safe ɗaya da azahar ɗaya ƙarfe sha ɗayan dare. Ya yi na farko ya yi na biyu, a na uku yace "Hajiya da girmamawa, zagaye biyun sun ƙare tun jiya." Na hau sama nace ai ƙananan abubuwa ne. Yace zagaye ɗaya yana nufin ki tara duk gyaranki a saƙo ɗaya in yi su lokaci guda in fitar, ba kowane saƙo in buɗe aiki in sake fitarwa ba. Na koma na karanta abin da muka yi a rubuce, haka ne kuwa. Na biya dubu uku, ragin da na samu ya kusa komawa inda ya fito. Daga nan na rufe bakin guruf, na ɗauki takarda na rubuta gyara biyar da lamba, na kwana a kansu, da safe na soke biyu na tura uku.

Cikin abin da na soke har da zanen atamfa. Na so ƙwarai a sa ainihin zanen atamfar da ke jikina a hoton, mai ganye-ganye da ɗigo, don ina sonta. Ya gwada min a gefe ya rage shi zuwa girman sitika ya turo, sai ga rigar ta zama kamar an watsa mata miya, ba ganye ba ɗigo sai datti. Abin da ya yi a ƙarshe riga ja ce lis, da ganye uku manya ruwan ɗorawa a kafaɗa, kuma abin mamaki ido yana ganinta yana cewa atamfa ce. Sarƙar Anti ma haka ta tafi, ɗan kunne kawai aka bari, ɗigo ɗaya a kowane gefe.

Kalar fata sai da muka yi sau biyu duk da na rubuta. Na farkon ya fito da ni da haske kamar wata balarabiya, yace wai yawancin masu ba shi aiki haka suke so shi yasa hannunsa ya saba. Nace ni dai baƙa ce kuma kwastomomina sun san ni, in suka ga wannan za su ce ko na fara shafe-shafe ne. Ya ɗauko kalar daga kumatuna a hoton tsakar gida kai tsaye, ya turo min guda uku a jere daga mai haske zuwa mai duhu, na zaɓi ta tsakiya.

Da aka gama na biya cikon kuɗi, sai ya turo min jaka guda ta fayil, ni da nake jiran hoto ɗaya. Na kira shi nace duk wannan na mene ne. Ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Mai PNG shine wanda bayansa babu komai, in na ɗora shi a kan hoton yaji ba zai zo da farin akwati a bayansa ba, shi zan dinga amfani da shi a waya. Sauran, PDF da SVG da CDR, su ne na masu bugu. Yadda ya fahimtar da ni, hoto irin na waya ƙananan ɗigo ne aka jera, adadinsu a ƙirge yake, in ka ja shi ya yi girma sai ɗigon su bayyana gefen ya zama kamar matakala. Waɗancan kuwa layuka ne da kwamfuta take sake zanawa a kowane girma, ko a murfin roba ko a bangon shago kaifinsu ɗaya, su ake ce wa bekta. CDR ɗin kuma na CorelDRAW ne, wanda yawancin masu bugu na nan da shi suke aiki. Yace ko wa ya tambaye ki logo don bugu, kar ki tura masa abin da kika ɗauka da sikirinshot, ki tura PDF ta Document.

Akwai kuma wanda yake baƙi zalla ba kala, layuka kawai. Shi na leda ne, don masu buga leda kowace kala daban suke bugawa kuma daban suke caji, katun mai kala biyar a leda kuɗin sai ya fi ƙarfin yajin da ke ciki. Da wani da ya yanke kai kawai ya sa a tsakiyar da'ira, saboda hoton fuskar WhatsApp zagaye yake yankewa, in ka sa cikakken tambarin sai ya cinye farkon suna da ƙarshensa.

Nan na tambaye shi abin da ƙanina ya tuna min, shin yanzu zanen nawa ne ko nasa. Yace a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya wanda ya zana shi ne mai abu tun farko, kuma mallakawa wani sai a rubuce, biyan kuɗi kawai baya wadatarwa. Ya rubuto min ƴar takarda shafi ɗaya cewa ya mallaka min zanen gaba ɗaya in yi amfani da shi a duk inda naso, ba zai sayar wa wani ba ko ya canja fuska ya ba wata mai yaji, ya sa hannu da kwanan wata. Ni kuma na yarda ya nuna katun ɗin a shafinsa a matsayin aikinsa, banda hotunana na gaske, waɗannan yace ya goge. Na ɗauka ma rajistar da nayi ta CAC ta rufe har da tambari, ashe suna kawai ta rufe, rajistar tambari ofishinta daban ne ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya. Wannan ban yi ba tukuna, sai kasuwa ta ƙara buɗewa.

Sai bugu, inda na yi asarar da ta fi ta dubu uku ciwo. Na je wajen wani mai buga sitika da aka yi min kwatance, ina sauri saboda azumi ya matso, nace ɗari uku nake so. Yace in turo, na tura masa CDR tunda naji ance shi suke so. Bai nuna min komai ba nima ban tambaya ba, na biya na tafi. Washegari na karɓo a leda ban buɗe ba sai a gida. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Jan barkonon nan ya koma kamar ruwan ƙasa, fuskata ta yi duhu har tabarau ya nutse a ciki, sannan a ƙasa an rubuta Da, sai wani ɗan akwati, sai i har kunne. Harafin ɗ ya ɓace, akwati ya zauna a wurinsa. Ga wasu an yanke su a karkace, farin layi ya fito a gefe ɗaya kamar jinjirin wata.

Na ɗauki hoto na tura wa mai zane ina huci. Ya kira ni da kansa. Maganar akwati yace daga wajensa ne, salon rubutun da ya yi amfani da shi babu shi a kwamfutar mai bugu, da ta buɗe fayil ɗin sai ta musanya da wani, shi kuma wancan bai da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ ba kowane salon rubutu ne yake da su ba. Abin da ya kamata ya yi kafin ya ba ni shine ya mayar da rubutun zane, a CorelDRAW ana zaɓar rubutun a danna `Ctrl+Q`, daga nan ba rubutu bane kuma, siffa ce, ko wace kwamfuta ta buɗe haka za ta gani. Ya yi a PDF ya manta a CDR. Ya ba ni haƙuri sosai, yace zai ɗauki rabin kuɗin sake bugun.

Kala kuma yace abu biyu ne suka haɗu. Waya da haske take nuna kala, ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB, injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa a kan takarda, CMYK, kuma tawada ba ta iya kai hasken sikirin, kusan kullum abin da aka buga yakan fi na waya duhu da sanyi. Ga ni kuma kullum hasken wayata a ƙure yake, na saba ganin jan yana walƙiya. Sannan kowane inji da halinsa, wannan nasa yana zuba tawada da yawa. Maganinsa ɗaya ne, a buga guda ɗaya a kan ainihin takardar sitikar a gani da ido kafin a saki sauran. Farin jinjirin watan kuma saboda ba a bar rarar kala a gefe ba, ana ƙara kamar milimita 3 na kalar baya ta wuce inda wuƙa za ta bi, ko ta ɗan kauce ba za a ga fari ba.

Karo na biyu tare muka je da shi, wani wurin daban. Ya ɗan buɗe kalar fatar da jan a fayil ɗin bugu kawai, na waya ya bar shi yadda yake, ya ƙara kaurin layin tabarau, aka buga takarda ɗaya mai sitika goma sha biyu. Na fito da ita waje cikin hasken rana na duba, don fitilar cikin shagon tana ruɗar ido, na ɓare ɗaya na manna a murfin robar da na taho da ita a jaka. Sai na ɗiga mata man gyaɗa na goga da yatsa, tawadar ta ɗan bi hannuna. Mai bugun yace to sai dai a yi mai leda a sama, laminatin, ya fi tsada kaɗan amma mai da ruwa ba sa cinsa. Aka yi wani samfurin da shi, na sake gogawa bai motsa ba, sannan nace a buga ɗari biyar. Mun kai la'asar a wurin, na saya masa lemo da gurasa.

Ranar da na fara jera robobin a kanta, wani yaro ɗan maƙota da ake aikowa, bai fi shekara shida ba, ya tsaya ya kalli murfin ya kalle ni ya sake kallon murfin, sai yace "Anti, wannan ai ke ce, har da haƙorin." Yanzu in an aiko yara cewa ake yi su sayo mai hoton Anti mai tabarau. Mara fuskar ma yana tafiya, kusan duk oda ta islamiyya da ta rabon azumi shi suke zaɓa, Hajiyarmu ma shi nake kai mata.

Ɗari ukun nan masu akwati suna nan a durowa, na kasa zubarwa. Almakashi nake sa wa in yanke rubutun ƙasan, in manna sauran a kwalin da nake tura kaya tasha, direbobi dai ba ruwansu da kalar fuskata. Allon shago ne ya rage, mai yin sa yace in turo masa hoto ta WhatsApp kawai ya isa, nace a'a Malam, PDF zan turo, kuma sai naga samfur.